Kibiyoyi biyar a jikin bulo ɗaya: yadda ake karanta zanen ƙarfi a kan gangare

"Assalamu alaikum, Malam. Ina aji biyu na babbar sakandare. A littafinmu na fiziks an zana bulo mai kilo 10 yana zamewa a kan gangare mai digiri 30, an ba mu μ = 0.2 da g = 10, aka ce mu nemo ragowar ƙarfin da ke kansa. Kibiyoyi biyar ne a jikin zanen, duk sun rikita ni. Ni na samu 80, ƙawata ta samu 30, a bayan littafi kuma an rubuta 32.7. Don Allah a ina muka kuskure?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Amsar bayan littafin daidai take, kuma daga lambobin da kuka samu na gane inda kowaccenku ta bar hanya, domin shekara da shekaru ina ganin 80 da 30 ɗin nan a takardun ɗalibaina. Amma kafin mu taɓa kalkuleta, sai mun fara daidaita maganar kibiyoyin, don a nan ciwon yake. Kibiyoyi biyar kika gani, amma ƙarfi uku ne kawai a kan bulon nan.

Kowace kibiya da mai ita

Wannan zane an yi shi ne don a ware abu ɗaya tak, a raba shi da duk abin da ke kewaye da shi, a tambaye shi: su wa ke tura ka, su wa ke jan ka? Saboda haka idan zan koyar, nakan sa ɗalibai su zana bulon shi kaɗai a tsakiyar takarda, a karkace kamar yadda yake kwance a gangaren, ba tare da gangaren ba. Sannan in kafa musu sharaɗi guda: ba a zana kibiya sai an faɗi sunan mai ita. Duk kibiyar da aka rasa wanda za a ce shi ke yin ta, a goge ta.

To mu ƙirga. A ce gangaren katako ne da aka jingina. Na farko duniya, wadda ke jan bulon zuwa ƙasa ko ta taɓa shi ko ba ta taɓa ba. Wannan jan shi ne nauyi, wanda littafi ke rubuta wa W ko mg. Kibiyarsa tana kallon ƙasa sak, yadda zare ke sauka idan an ɗaura masa dutse, kuma ba ruwanta da yadda aka karkata katakon. A harshen yau da kullum mukan ce nauyin bulon kilo 10 ne, amma a fiziks kilo 10 ɗin shi ne m, yawan abin da ke jikin bulon, nauyi kuwa ƙarfi ne, da niyuton ake auna shi:

```
W = mg = 10 × 10 = 100 N
```

Bayan duniya, sai ki duba me ke taɓa bulon. Katako ne kaɗai, in an bar iska, wadda a irin wannan gudun ba ta taka kara ta karya ba. Katakon yana yi wa bulon abu biyu. Yana tokare shi kada ya huda ya wuce, wannan shi ne turin katako, wasu littattafan su sa masa R, wasu N. Ni R zan sa, don kada ya cakuɗe da N ɗin niyuton. Turin nan yana fitowa ne a tsaye kan fuskar katakon, digiri 90 tsakaninsu, kamar ƙusar da aka kafa a jiki. In katakon ya karkata, kibiyar R ta karkata tare da shi. Na biyu kuma katakon yana cizon gindin bulon yana hana shi santsi. Wannan ita ce gogayya, F, tana kwance a kan fuskar katakon, tana adawa da zamewar. Tunda bulon ƙasa yake yi, ita sama take kallo.

An gama ke nan: jan duniya, turin katako, gogayyar katako. Sauran kibiyoyi biyun da kika gani, waɗanda na tabbata an rubuta wa mg sin θ da mg cos θ, inda θ ke nufin kusurwar gangaren, ba su da wani mai su daban. Nauyin nan ne guda ɗaya aka kasa shi kashi biyu. Kamar ki kai naira dubu a yi miki canji, a ba ki ɗari biyar biyar guda biyu: ba za ki ƙirga dubun ki sake ƙirga canjin ba, ɗaya daga ciki za ki riƙe. A littafin da aka tsara da kyau, da layi mai ɗigo-ɗigo ake zana waɗannan biyun don a nuna ba sabbin ƙarfi ba ne, amma sau da yawa ana buga su da kauri ɗaya da sauran, ɗalibi ya ɗauka biyar ne. Ni nakan ce da ɗalibaina da zarar sun kasa mg gida biyu, su ja wa asalin kibiyar 'yan layuka biyu a gicciye, alamar an canja ta, ba a sake taɓa ta.

Akwai kuma kibiya ta shida wadda littafi bai zana ba, amma ɗalibai kan ƙara da hannunsu: wata doguwa mai bin gangare zuwa ƙasa, su ce ai ita ce ƙarfin da ke tafiyar da bulon. In na tambaya wa ke yin ta, sai a yi tsit. Babu hannu, babu igiya, babu inji. Motsi ba ya buƙatar kibiyar kansa. Haka kuma ma, wato m sau a, inda a ke nufin ƙaruwar gudu, ba ya shiga cikin zanen, domin shi sakamako ne da ke fitowa bayan an gama haɗa ƙarfin da ke akwai. Wannan ita ce dokar Isaac Newton ta biyu, cikin dokokin motsi uku da ya wallafa a 1687.

Karkata takardar

Ga inda ke kika kuskure. Kin ɗauki nauyi 100 kin cire gogayya 20, wato 100 sau μ, lambar nan 0.2 da ke nuna yadda katako ke cizon bulo, kika samu 80. Amma 100 ɗin ƙasa sak yake kallo, gogayyar kuma tana kwance a kan gangare. Ba a kan layi ɗaya suke ba, kuma ba a tara ƙarfi ko a ɗebe shi kai tsaye sai in suna kan layi ɗaya. In jakuna biyu suna jan kaya, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi arewa, ba za ki ce ƙarfin wannan ya rage na wancan ba.

Dabarar ita ce a zaɓi layuka biyu da suka dace da tafiyar bulon. Bulon ba ya nutsewa cikin katako, ba ya tashi sama ya bar shi, hanya ɗaya gare shi, bin katakon. Don haka layi na farko ya bi tsawon katakon, na biyu ya tsaya a kansa da digiri 90. A aji nakan ce kowa ya juya littafinsa a kan tebur har gangaren ya kwanta daidai da bakin teburin. Da an yi haka sai ka ji aji ya ɗauki "au!", domin yanzu R yana kallon sama sosai, F yana kwance sosai, nauyi ne kaɗai ya fita daban a karkace. Kibiya ɗaya ce ke buƙatar a kasa ta. Da mun tsaya a kan layukan da muka saba, na kwance da na tsaye, da sai mun kasa R, mun kasa F, mun kuma kasa tafiyar bulon kanta. Amsar za ta fito iri ɗaya, amma aikin ya ninka, ƙofofin kuskure ma sun ninka.

Sai tambayar da ke kayar da mutane da yawa: wane kashi ne ke ɗaukar sin, wane ne ke ɗaukar cos? Ba na son ɗalibi ya haddace wannan, don hadda takan gudu a ɗakin jarrabawa. Ga abin da nake nuna musu. Ina da wani katako mai tsawon mita 2 da na saya a wurin masu katako, na kafa masa doguwar ƙusa a ƙarƙashi, a tsaye kan fuskarsa, na ɗaura zare mai dutse a gindin ƙusar. In yara biyu suka riƙe katakon a kwance, zaren da ƙusar suna manne da juna, duk ƙasa suke kallo. Sai in ce na hannun dama ya ɗaga nasa gefen a hankali. Ƙusar tana juyawa tare da katakon, zaren kuwa yana nan inda yake. In katakon ya tashi da digiri 30, ratar da ke tsakanin ƙusa da zare ita ma digiri 30 ce. Zaren shi ne kibiyar nauyi, ƙusar ita ce layin da ke shiga cikin katako. Ke nan kusurwar θ tana tsakanin nauyi da layin da ke danna katako, kuma kashin da ke maƙwabtaka da kusurwa shi ke ɗaukar cos. Wanda ke bin gangare, mai fuskantar kusurwar, shi ke ɗaukar sin.

In ma wannan ya kuɓuce miki, ki gwada amsarki da katako a kwance. A digiri 0 babu abin da ke jan bulon gefe, kashin gangare dole ya zama sifili, kuma sin 0 shi ne sifili. Ki tayar da katakon tsaye kamar bango, digiri 90, bulon faɗowa zai yi da duk nauyinsa, kuma sin 90 shi ne 1. In kika sa cos a wurin, zai nuna miki bulo a kan shimfiɗaɗɗen tebur yana gudu da dukan nauyinsa, abin da ido bai taɓa gani ba.

Akwai wata hanyar kallon sin da nake ƙauna, domin da tef ɗin awo ake ganinta. A katakona mai mita 2, in ana son digiri 30, sai a ɗaga gefe ɗaya har ya kai mita 1 daga ƙasa. Tsayi a kan tsawo, 1 bisa 2, rabi ke nan. To rabin nauyin ne ke jan bulon bin gangare. In kika ɗaga santimita 50 kacal, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Shi ya sa masu sauke kaya daga babbar mota suke neman dogon katako: tsayin motar bai canja ba, amma tsawon katako ya rage abin da hannu zai riƙe.

```
mg sin 30 = 100 × 0.5   = 50 N
mg cos 30 = 100 × 0.866 = 86.6 N
```

Na san za ki lura cewa 50 da 86.6 sun haura 100, kusan kowace shekara sai an samu mai ɗaga hannu a nan. Ba kuskure ba ne. Misalin canjin kuɗi da na kawo ɗazu iyakarsa hana ƙirga abu sau biyu, bai kai nan ba, domin kuɗi ba su da alkibla, ƙarfi kuwa yana da ita. In kika yi taku 3 gabas, taku 4 arewa, kin taka 7, amma nisanki da inda kika tashi taku 5 ne. Haka waɗannan kashi biyun suke haɗuwa: 50 sau 50 shi ne 2,500, 86.6 sau 86.6 kusan 7,500, jimilla 10,000, wato 100 sau 100. Nauyin ya dawo cif. Wannan gwaji ne mai kyau na sakan goma in kina shakkar abin da kalkuleta ta ba ki.

Inda ƙawarki ta zame

Ita ta yi nisa. Ta kasa nauyin daidai ta samu 50, sannan ta ce gogayya μ sau R ce, wanda shi ma daidai ne. Amma ta ɗauki R a matsayin 100, ta samu gogayya 20, ta cire daga 50. Wannan ɗabi'a ce da ake tahowa da ita daga darasin baya, inda bulo ke kan tebur a kwance, R kuma yake daidai da mg. Yaro ya yi lissafi goma a haka, sai ya ɗauka doka ce. Alhali R ba shi da ƙayyadajjen adadi. Katako yana mayar da turi ne gwargwadon yadda aka danna shi, kuma a kowace tambaya daga zane ake karanto shi.

A layin da ke tsaye kan katako, kibiyoyi biyu ne: R yana fita, mg cos θ yana shiga. Tunda bulon ba ya motsi ta wannan layin, dole su yi kunnen doki. Saboda haka R = 86.6 N. Na taɓa kawo sikelin da ake hawa a auna nauyin jiki, na kwantar da shi a kan katakon, na tare shi da ɗan guntun itace don kada ya zame, na ɗora jakar littattafai a kai. Muna ɗaga katakon, allurar tana ja da baya a hankali, yara sun kewaye suna leƙe. Wata yarinya ta ce, "Malam, littattafan sun rage nauyi?" Na ce ta buɗe jakar ta ƙirga. Babu abin da ya ragu, jakar ce ta rage danna sikelin, domin wani kashi na nauyinta ya koma neman gangarawa. Da bulonku ne a kai, a digiri 30 sikelin zai nuna wajen kilo 8.7.

Daga nan sauran aikin gajere ne:

```
F = μR = 0.2 × 86.6 = 17.3 N
50 − 17.3 = 32.7 N
```

Ragowar ƙarfin niyuton 32.7 ne, yana bin gangare zuwa ƙasa. Ki riƙa rubuta alkiblar tare da lambar, don ƙarfi ba ya cika sai da ita, kuma masu duba takarda suna lura da hakan.

Ki ga yadda tazarar 30 da 32.7 take ƙarama. Wannan ne ya sa kuskuren ƙawarki ya fi naki haɗari, domin ba ya ɗaga hankali, a tambayoyin zaɓi kuma masu tsara jarrabawa sukan ajiye irin wannan amsar a jere suna jiran mai gaggawa. Naki kuwa da kin tsaya minti ɗaya da kin kama shi da kanki. Ko da katakon ya fi gilashi santsi, babu gogayya ko kaɗan, iyakar abin da zai ja bulon 50 ne. Gogayya ragewa take yi. Duk amsar da ta haura 50 ta faɗi tun kafin a duba lissafinta.

In aka ci gaba aka tambayi ƙaruwar gudu, sai a raba 32.7 da kilo 10, a samu 3.27, ma'ana a kowane sakan gudun bulon yana ƙaruwa da mita 3.27 a sakan. A katakona mai mita 2, in an sake shi daga sama, zai iso ƙasa cikin sakan 1.1 ko kusa da haka. Wani abin sha'awa a nan shi ne, in kika rubuta lissafin da haruffa, m yana fita daga ciki gaba ɗaya:

```
a = g (sin θ − μ cos θ)
```

Bulo mai kilo 20 ragowar ƙarfinsa ninki biyu ne, 65.4, amma abin da za a motsa ma ninki biyu ne, don haka tare za su iso da mai kilo 10 in gindinsu iri ɗaya ne. Galileo da gangare ya yi nazarin faɗuwar abubuwa, domin gangare yana rage saurin faɗuwa har a iya auna lokacinta da kayan awon zamaninsa, ya kuma wallafa sakamakon a 1638.

Inda lissafin nan ke daina aiki

Kalmar "yana zamewa" da ke cikin tambayarku ita ta ba mu izinin rubuta F = μR. Wannan ina so ki riƙe shi sosai, domin a nan ne ɗaliban da suka iya lissafi suke faɗuwa. A ce an sauke katakon zuwa digiri 10, an ajiye bulon a tsaye, an saki. Kashin gangare zai zama 17.4, R zai zama 98.5, μR kuma 19.7. In kika ɗebe yadda kika saba, za ki samu 2.3 da alamar ɗebewa a gaba, kamar bulon zai hau sama da kansa. Ba zai hau ba. Gogayyar abin da ke tsaye ba ta wuce abin da ake buƙata: ana jan bulon da 17.4, ita ma ta riƙe da 17.4, ragowar ƙarfi sifili, bulo yana nan zaune. A wannan halin μR iyaka ce kawai, mafi yawan abin da katakon zai iya bayarwa kafin ya saki. Amma da an ce an ingiza bulon yana cikin zamewa a digiri 10 ɗin, to 2.3 ɗin nan gaskiya ne, yana kallon sama, aikinsa rage gudun bulon har ya tsaya. Lamba ɗaya, labari biyu, kalmomin tambayar ne ke raba su.

Kusurwar da bulo ke fara sakin katako ita ce inda tan θ ya kai μ, wanda ga 0.2 ya kama kusan digiri 11. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon tifa tana juye yashi ya ga wannan. Bodin yana tashi, yashi ya yi shiru kamar an manne shi, sai an kai wani matsayi ya ɓalle gaba ɗaya. Kina iya auna μ a gida da wannan dabarar: ki ɗora abu a kan katako, ki ɗaga a hankali har ya motsa, ki auna tsayin gefen da kika ɗaga, ki raba da nisan da ke ƙasa daga gindin katakon zuwa ƙarƙashin wannan gefen. Abin da ya fito shi ne μ na tsayuwa. Na zamewa yakan ɗan gaza shi, shi ya sa abu da zarar ya ɓalle sai ya tafi da hanzari.

Alkiblar gogayya ma ba a haddace ta. In aka ce an wurga bulon yana hawa gangaren, gogayya ta juya ta kalli ƙasa, ta haɗu da kashin nauyi, ragowar ƙarfi ya zama 50 da 17.3, wato 67.3, duk da cewa bulon sama yake tafiya. In kuma aka ce yana gangarowa da gudun da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, ba sai kin taɓa kalkuleta ba, ragowar ƙarfin sifili ne, gogayya ta yi daidai da 50. In an ɗaura igiya, an samu mai taɓawa na biyu, kibiya ta huɗu ta shigo da sunan mai ita. Igiyar da ke kwance daidai da katako ba ta taɓa R, amma wadda ta ɗaga sama ta bar fuskar katakon tana rage shi, gogayya ma ta ragu.

Gaskiyar magana kuma, 0.2 ɗin nan na littafi ne, ya fi kama da abu mai santsi. Bulon siminti na gaske da na ɗora a kan katakona bai ko motsa ba a digiri 30, sai da muka ƙara ɗagawa. Dokar F = μR kanta kimantawa ce da aka samo daga gwaji, tana aiki da kyau ga busassun abubuwa masu tauri, amma ƙura ko danshi ko mai suna canja μ, har a katako ɗaya wani wurin ya fi wani kaushi. Kada ki yi mamaki in kin gwada a gida agogo bai ba ki 1.1 daidai ba. Zanen nan kuma na abin da ke zamewa ne. Durom ko ƙwallo mai mirginawa yana da ƙarin lissafi, domin juyawar ma tana cin nata rabon, kuma dogon akwati da aka tsayar a kan gangare yana iya kifewa tun bai zame ba, wanda sai an duba a ina kowace kibiya ta kama jikinsa kafin a gane.

Abu biyu ƙanana da suka sha cinye wa ɗalibaina maki. In tambaya ta ba da g = 9.8, amsar nan za ta koma kusan 32.0, don haka ki yi aiki da wanda aka ba ki. Sannan kafin ki fara kowace jarrabawa, ki danna sin 30 a kalkuletarki. In ta nuna 0.5, lafiya. In ta nuna −0.988, wani ya mayar da ita ma'aunin radiyan, za ki ga ƙaramin R ko RAD a saman fuskarta, sai ki mayar da ita D ko DEG. Na taɓa duba takardar wani yaro da zanensa ya fi na kowa kyau a ajin, kowace kibiya a wurinta, amma duk lambobinsa sun lalace saboda wannan ɗan harafin.

Ga aikin da zan ba ku ke da ƙawarki, kowa ta yi nata ba tare da leƙen 'yar'uwarta ba. Bulo mai kilo 4, a kan katako mai tsawon mita 5 da aka ɗaga gefensa mita 3, μ = 0.25, g = 10, yana zamewa ƙasa. Ban ba ku kusurwa ba don ba kwa buƙatarta: sin shi ne 3 bisa 5, nisan ƙasa mita 4 ne, cos kuma 4 bisa 5. Ku zana bulon shi kaɗai, ku rubuta sunan mai kowace kibiya a gefenta kafin ku sa lamba ko ɗaya. In R ya fito muku 32, ragowar ƙarfi kuma 16, kun kama hanya. In wata ta samu 14, ta koma ta duba R ɗinta. Allah ya ba da sa'a, 'yata.